Takardun baƙin ma'aikata: Yadda ake haɗa jadawalin da zai yi gargaɗi kafin izini ya ƙare

A ranar 1 ga Oktoba, 2025, Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta fara farautar baƙin da takardun zamansu suka ƙare, bayan wa'adin afuwar da gwamnatin tarayya ta bayar daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba na shekarar ya cika. Afuwar ta haɗa da masu bizar da ta ƙare da kuma masu katin zama da aiki da ya mutu. Hukuncin da aka sanar shi ne tarar dala 15 a kan kowace rana da mutum ya ƙara, da korarsa daga ƙasar, da kuma hana shi dawowa na tsawon shekaru, wanda kan kai biyar ko goma gwargwadon daɗewar da ya yi.

Dala 15 ba ta da yawa a baki. Amma idan wata biyu suka wuce ba a lura ba, ta zama dala 900 a kan mutum ɗaya. Kuma ba tarar ce babbar asarar ba. Idan baƙon shi ne injiniyan da ya san kan injin casar shinkafa ko na fasa dutse, ranar da aka tafi da shi ita ce ranar da aiki zai tsaya, tare da abincin duk ma'aikatan gida da ke jikin injin.

A Kano wannan ba sabon lamari ba ne. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna aiki da 'yan Lebanon da Indiya da China. Manyansu suna da lauyoyi da jami'an da ba su da wani aiki sai bin takardu. Matsalar ta fi kama ƙananan kamfanoni da wuraren aikin da ke wajen birni, kamar waɗanda ke kudancin jihar, a yankin Rano da Kibiya da Bunkure, inda noman rani na ruwan Tiga ke jawo injinan sarrafa amfanin gona, ayyukan hanya kuma ke jawo 'yan kwangila. Akawun da ke zaune a wurin aiki a Madachi, shi ne mai biyan albashi, shi ne mai sayen gas, kuma sau da yawa shi ne ake tambaya idan jami'an shige da fice suka zo duba takardu. Asalin fayil ɗin kuwa yana can ofishin Kano, ko ma a hannun wani wakili a Abuja.

Jadawali a Excel ko Google Sheets ya isa ya rufe wannan ƙofa. Sai dai yawancin waɗanda ake haɗawa suna amsa tambayar da ba ita ce mai muhimmanci ba. Suna faɗin ranar da takarda za ta mutu, alhali abin da ake buƙatar sani shi ne ranar da ya kamata a fara neman sabuwa.

Mutum ɗaya, takardu huɗu

Baƙon da kamfani ya ɗauka aiki a Najeriya yana tsaye ne a kan takardu da dama, kuma kowace daga wuri daban take fitowa.

Ta farko ita ce takardar gurbi, wadda a shafin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake kira `Expatriate Quota`. Ma'aikatar ce ke bayar da ita, kuma abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba ta ma'aikacin ba ce. Ta kamfani ce. Izini ne da aka ba kamfanin ya ɗauki baƙo a kan wani muƙami takamaimai, misali babban injiniya ko manajan sarrafa kaya. Bisa kundin ƙa'idojin da ma'aikatar ta sabunta a 2022, ana ba da gurbi na shekara uku a karon farko, a sabunta shi na shekara biyu-biyu har sau biyu, wato shekara bakwai ke nan gaba ɗaya, kuma ana son a ga 'yan ƙasa biyu suna koyon aikin a ƙarƙashin baƙon. Wasiƙa ɗaya kan ɗauki muƙamai uku ko biyar, saboda haka ranar da ta mutu, mutum uku ko biyar ne suka shiga matsala lokaci guda.

Ta biyu ita ce katin zama da aiki, CERPAC, wanda Hukumar Shige da Fice ke bayarwa. Wannan na mutumin ne, da sunansa da hotonsa, kuma galibi shekara-shekara ake sabunta shi. Amma a kan gurbin yake zaune. Idan gurbin ya mutu, babu abin da za a dogara da shi a sabunta katin.

Ta uku fasfo ne, wanda ƙasarsu ce ta ba shi, kuma ofishin jakadancinsu ne kaɗai zai sabunta. Ta huɗu kuma kwantiragin da ke tsakaninsa da kamfani.

Waɗannan huɗun ba sa mutuwa rana ɗaya, kuma ba sa ɗaukar lokaci iri ɗaya wajen sabuntawa. A nan ne jadawalin da aka saba gani ke gazawa. Akan ba kowane ma'aikaci layi ɗaya, a jera kwanakin takardunsa a gefe, sannan a sa kwamfuta ta zaɓo wanda ya fi kusa. Da gani ya yi kyau. Amma takardar da za ta fara mutuwa ba lallai ba ne ita ce ta fi gaggawa.

Misalin injiniya ɗaya

Mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa a kan hanyar Rano yana da injiniya ɗan Indiya, kuma yau 1 ga Yuni, 2026. Gurbin muƙaminsa zai ƙare a 30 ga Satumba, 2026. Katinsa na CERPAC zai ƙare a 14 ga Nuwamba. Fasfonsa yana da rai har 20 ga Janairu, 2027, kwantiraginsa kuma sai 28 ga Fabrairu, 2027.

Jadawalin da ke duba ranar mutuwa kawai zai ce saura kwana 121 kafin wani abu ya faru, sai kowa ya kwantar da hankalinsa. Fasfon ma ba zai ko ambace shi ba, tunda yana da sauran kwana 233.

To amma a bi sarƙar. A tsakiyar Nuwamba, lokacin da katin zai mutu, kwana 67 kacal zai rage wa fasfon. Ƙa'idar da aka sani a harkar biza ita ce fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma babu mai hankalin da zai kai fasfo mai sauran wata biyu yana neman katin shekara guda, ya yi tsammanin za a wuce ba tambaya. Ke nan a aikace, fasfon injiniyan ya fara zama matsala ne tun 20 ga Yuli, 2026, ranar da sauran ransa ya gaza wata shida. Kafin nan kuma sai ya nemi sabo ta ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Abuja, wanda ba aikin kwana ɗaya ba ne ga mutumin da injin ba ya barinsa ya motsa.

Saboda haka kowace takarda sai an ba ta nata kwanakin shiri. Waɗannan ba doka ce ta sa su ba, kamfani ne zai yanke su bisa abin da ya gani a baya, kuma gara a yi yalwa. A misalinmu, mu ba fasfo kwana 270, wato wata shidan nan da ƙarin wata uku na neman sabo. Mu ba gurbi kwana 120, domin sai an tattara takardun haraji da shaidar 'yan ƙasar da ke koyon aiki kafin a shigar da buƙata. Katin CERPAC mu ba shi kwana 60. Kwantiragi kuma kwana 120, idan ya tanadi sanarwar wata uku, domin maigidan kamfani ya samu wata guda na shawara kafin lokacin sanarwar ya zo.

Da aka cire kwanakin shiri daga ranar mutuwa, sai jerin ya juye. Ranar fara aikin fasfo ta zama 25 ga Afrilu, 2026, wato an riga an makara da kwana 37. Ta gurbi ta zama 2 ga Yuni, gobe ke nan. Ta katin CERPAC sai 15 ga Satumba, ta kwantiragi kuma 31 ga Oktoba. Takardar da tsohon jadawali ya ajiye a ta uku ita ce ke kan wuta.

Wannan ne dalilin da ya sa ya fi kyau kowace takarda ta samu layinta, ba kowane mutum ba. Injiniyan nan zai ci layi huɗu. Kamfani mai baƙi goma zai samu layi arba'in ko fiye, kuma wannan ba wani yawa ba ne.

Inda kwanan ke ɓuya

Kafin a kai ga lissafi, sai an ciro kwanakin daga takardu, kuma mafi yawan kuskure a nan yake shiga. Ƙa'ida ta farko ita ce a kwafa daga asalin takardar ko hotonta mai kyau, ba daga bakin ma'aikaci ko saƙon WhatsApp na wakili ba.

Fasfo shi ne mafi sauƙi, kuma yana da hanyar tabbatarwa da mutane kaɗan suka sani. A ƙasan shafin hoto akwai layi biyu na haruffa da lambobi waɗanda na'ura ke karantawa. A layi na biyu, bayan harafin `M` ko `F` da ke nuna jinsi, lambobi shida da ke biye su ne ranar ƙarewar fasfon, an fara da shekara, sai wata, sai rana. Fasfon injiniyanmu zai nuna `270120`, wato 20 ga Janairu, 2027. Ko da an rubuta saman shafin da Sinanci ko Larabci ko Faransanci, wannan layin tsarinsa ɗaya ne a duniya. Idan abin da aka kwafa daga sama bai dace da shi ba, an yi kuskure.

Wasiƙar gurbi ta fi wayo. Akwai ranar da aka rubuta wasiƙar a samanta, akwai ranar da aka buga hatimin karɓa a ofis, sannan akwai ranar da iznin ya fara aiki, wadda ke cikin jikin wasiƙar. Ta ukun ce ake ƙirgawa da ita. A wasiƙun sabuntawa musamman, izni kan ci gaba ne daga inda tsohon ya tsaya, ko da wasiƙar ta makara wajen fitowa. Wanda ya ƙirga shekara biyu daga kwanan da ke saman takarda zai iya ba kansa watannin da ba shi da su. Sannan a duba sunan muƙamin harafi da harafi. Idan gurbin na injiniyan lantarki ne, kwantiragi kuma ya ce manajan masana'anta, wannan saɓani ne da zai fito fili ranar sabunta kati, don haka yana da kyau a rubuta sunan muƙamin a jadawali yadda yake a wasiƙar.

Ga sabon zuwa kuma, akwai agogon da ke fara bugawa tun daga filin jirgi. Wanda ya shigo da bizar STR, wadda ake ba mai zuwa kama aiki a kan gurbi, yana da kwana 90 daga ranar shigowa a daidaita zamansa a nema masa kati. Kwanan da za a ɗauka shi ne na hatimin shigowa da aka buga a fasfo, a Filin Jirgin Malam Aminu Kano ko duk inda ya sauka, ba ranar da aka ba shi biza a ƙasarsu ba. Haka ma masu zuwa na ɗan lokaci da iznin TWP domin girka inji ko gyara shi. Su ne aka fi mantawa, domin ba sa cikin takardar albashi. An ce aikin mako uku ne, sai wani ƙarfe ya maƙale a tashar jirgin ruwa ta Legas, mako uku ya zama wata uku, kuma ba wanda ya sake buɗe fasfon ya ga kwana nawa aka ba shi. Duk baƙon da ya taka wurin aiki da sunan aiki, a buɗe masa layi ranar da ya iso.

Kwantiragi kuwa sau da yawa ba ya faɗin ranar ƙarewa ƙarara. Yakan ce wata 24 daga ranar kama aiki. To wace ce ranar kama aiki? Ba ranar sa hannu ba ce, sai a nemo ta a takardar kama aiki ko albashin farko. Idan ya kama aiki a 1 ga Maris, 2025, kuma an rubuta wannan a akwatin `J5`, wannan fomula za ta ba da ranar ƙarshe:

```
=EDATE(J5,24)-1
```

Amsar ita ce 28 ga Fabrairu, 2027. Cire kwana ɗayan nan yana da dalili: 1 ga Maris, 2027 ta riga ta zama rana ta farko ta shekara ta uku. A kuma karanta sashen sanarwa da kyau. Wasu kwantiragin suna sabunta kansu idan ba wanda ya ba da sanarwa a kan lokaci. Kamfanin da ya yi niyyar sallamar baƙo domin ɗan ƙasa ya karɓi aikin, idan ya bari ƙarshen Nuwamba ya wuce, zai iya tarar da ya ɗaure kansa da wata shekarar ta albashin dala.

Tarkon rana da wata

Akwai wani kuskure da ba ya kuka, shi ya sa ya fi kowanne haɗari. A Najeriya muna rubuta rana kafin wata. Kwamfutoci da yawa da ake sayowa an saita su a tsarin Amurka, inda wata ke gaba. Idan akawu ya buga `03/08/2026` yana nufin 3 ga Agusta, irin wannan kwamfuta za ta karɓa a matsayin 8 ga Maris. Idan kuma ya buga `08/03/2026` yana nufin 8 ga Maris, za ta ɗauka 3 ga Agusta ne, ta ƙara wa takardar kusan wata biyar na ƙarya. Wannan na biyun shi ke kai mutum ga tara.

Idan ranar ta wuce 12, wani abu daban ke faruwa. An buga `30/09/2026`, kwamfutar ta duba ta ga babu wata na 30, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai, ba kwanan wata ba. A ido babu bambanci sosai. Amma fomular `MIN`, wadda ake amfani da ita a zaɓo kwanan da ya fi kusa, tsallake rubutu take yi ba tare da ta ce uffan ba. A misalinmu za ta tsallake gurbin da zai mutu a Satumba, ta nuna wani kwanan na gaba, jadawali ya ci gaba da nuna kore.

Ana gane wannan da ido idan an san abin dubawa. Matuƙar ba a taɓa saitin akwatin ba, kwanan wata na gaskiya yana jingina ne da gefen dama, rubutu kuma da gefen hagu. Maganin da ya fi shi ne a sa ginshiƙin kwanaki gaba ɗaya a tsarin `dd-mmm-yyyy`, ta yadda watan zai fito da suna, kamar `30-Sep-2026`, a kuma riƙa buga shi haka tun farko. Duk wanda ya ƙi canzawa zuwa wannan siffa, rubutu ne, sai a sake buga shi. A Google Sheets ana gyara tsarin ƙasa a `File` sannan `Settings`. Excel kuwa yana bin saitin kwamfutar ne, shi ya sa fayil ɗaya kan yi daidai a ofishin Kano ya kuma rikice idan aka ci gaba da cika shi a wata kwamfutar a Madachi.

Fomula biyu sun isa

Tsarin ba ya buƙatar ado. Ginshiƙin A ya ɗauki sunan ma'aikaci, B irin takardar, C lambarta, D ranar ƙarewa, E kwanakin shiri. A F sai a sa ranar fara aiki:

```
=D2-E2
```

A G kuma a sa wadda za ta faɗi halin da ake ciki:

```
=IF(NOT(ISNUMBER(D2)),"DUBA KWANAN",IF(D2<TODAY(),"TA MUTU",IF(F2<=TODAY(),"FARA YANZU",IF(F2-TODAY()<=30,"SHIRYA","LAFIYA"))))
```

Tsawonta kada ya ba da tsoro, tambayoyi huɗu ne a jere. Ta farko ita ce mafi daraja: shin abin da ke D kwanan wata ne na gaske? Idan rubutu ne, ko an bar akwatin fayau, za ta ce a duba kwanan, maimakon ta yi shiru. Sai ta tambaya ko takardar ta riga ta mutu, sai ko ranar fara aiki ta yi, sai ko saura wata guda ta yi. A ranar 1 ga Yuni, layukan injiniyanmu za su nuna `FARA YANZU` a fasfo, `SHIRYA` a gurbi, sauran biyun kuma `LAFIYA`. Ana iya sa launi ta `Conditional formatting`, ja da ruwan ɗorawa da kore, kuma a jera layukan bisa ginshiƙin F domin mafi gaggawa ya hau sama.

Akwai ginshiƙai biyu da ba su da lissafi amma bai kamata a bar su ba. Ɗaya shi ne sunan wanda alhakin takardar ke wuyansa, mutum ɗaya tak, domin jan launin da kowa ke gani ba wanda ke ɗaukarsa nasa. Ɗayan shi ne inda aka ga kwanan, misali shafi na biyu na wasiƙar gurbi, da sunan wanda ya sake dubawa. Mutum biyu su yi aikin shigarwa, ɗaya na karantawa daga takarda, ɗaya na duba abin da ke kan allo. Layi arba'in ba zai ci musu awa biyu ba.

Dalilin ajiye kwanakin shiri a ginshiƙinsu, maimakon a binne su cikin fomula, shi ne ƙa'idojin nan ba sa zama wuri ɗaya. A ƙarshen Fabrairun 2024 gwamnati ta ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙi aiki, dala 15,000 ga daraktoci da dala 10,000 ga sauran ma'aikata a shekara, cikin Maris kuma aka dakatar da shi bayan koken 'yan kasuwa. A Mayun 2025 ma'aikatar, ƙarƙashin Minista Olubunmi Tunji-Ojo, ta mayar da harkar gurbi da katin zama kan sabon tsarin intanet. Duk lokacin da irin wannan ya faru, tsawon jira na iya canzawa. Idan sabuntawar bara ta ci kwana 100, a ɗaga kwanakin shirin bana, lamba ɗaya kawai za a canza.

Maƙwabta ma baƙi ne a takarda

A Kano da wuya a kira mutumin Maraɗi ko Damagaram baƙo, amma doka ba ta san zumunci ba. 'Yan ƙasashen ECOWAS suna shiga ba biza har kwana 90, wanda zai zauna ya yi aiki kuma akwai katin zama na ECOWAS da ake nema a Hukumar Shige da Fice. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairu, 2025, ita kuma ta ce a ci gaba da mutunta takardunsu da 'yancin zirga-zirgarsu har sai an ba da wata sanarwa. Abin da aka bari a kan "har sai an sanar" yana iya canzawa kowane lokaci. Kamfanin da ke da direba ko makaniki ɗan Nijar, ko malamin Faransanci ɗan Benin, ya kyautu ya ba su layukansu, ya kuma rubuta ƙasar kowa, domin idan sanarwa ta fito a san su wa ta shafa cikin minti ɗaya.

Abin da jadawali ba zai yi ba

Fomular `TODAY()` ba ta buga waya. Jadawalin zai iya yin ja na wata biyu a cikin kwamfutar da ba a kunna ba. A wurin aikin da wuta da sabis ba su da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka duk ranar da ke ginshiƙin F a sa ta a kalandar waya ta mutum biyu, wanda ke da alhaki da kuma na sama da shi, kuma a tsayar da rana ɗaya a mako, kamar safiyar Litinin, da za a buɗe fayil ɗin ko da babu komai. Wasu kan buga layukan da suka yi ja a takarda su ajiye a teburin manaja, kuma wannan dabara ce mai kyau, muddin ba a manna ta a bango inda kowa zai karanta lambar fasfon mutane ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi bayanan ma'aikata, baƙi da 'yan gida, don haka fayil ɗin ya kasance da makulli, hotunan fasfo kuma kada su riƙa yawo a zauren WhatsApp na kamfani.

Jadawalin kuma bai san hutu ba. Idan ranar fara aiki ta faɗo a makon Sallah, ko ƙarshen Disamba, ko lokacin sabuwar shekarar China ga wanda zai je ofishin jakadancinsu, mutum ne zai duba ya jawo ta baya da mako biyu.

Wuri na ƙarshe da ake zamewa shi ne tsakanin shigar da buƙata da fitowar takarda. Da zarar wakili ya ce ya shigar, sai wani ya yi sauri ya canza kwanan zuwa na baɗi, layin ya koma kore, alhali babu komai a hannu. Kada a taɓa ginshiƙin D sai sabuwar takardar ta iso an gan ta da ido. Kafin nan a rubuta ranar da aka shigar da lambar rasit a gefe, a bar layin da jansa. Idan sabuwar ta zo, a buɗe mata sabon layi, tsohon a yi masa alamar an rufe, kada a goge shi. Tsofaffin layukan ne za su nuna shekara nawa gurbi ya ci daga cikin bakwai ɗin da aka yarje masa, kuma daga su ne ake ciro bayanan da kamfani ke miƙa wa Hukumar Shige da Fice duk wata a kan baƙin da ke kan gurabensa. Haka nan idan baƙo ya bar aiki ya koma gida, layinsa ba ya rufuwa ranar da ya hau jirgi, sai ranar da aka sanar da hukumar a rubuce aka cire sunansa daga gurbin, domin kafin a yi hakan ba za a iya ɗora wani a kan wannan muƙamin ba.